Zuwa ga Baba Akawu, Malam Garba, ranar ajiye aiki

Assalamu alaikum, Baba.

Ka kama aiki ranar 1 ga Maris 1990, yau Juma'a 28 ga Fabrairu 2025 kana miƙa makullan rajista. Shekara 35 cif, wa'adin da dokar aikin gwamnati ta yanka, kuma ka cika shi da mutuncinka. Alhamdu lillahi.

Abin da ake faɗa a kanka a ko'ina cikin sakatariyar nan guda ne: fayil ba ya ɓata a hannun Baba. Mu da muke zaune kusa da teburinka mun san ba sa'a ba ce. Wasiƙa in ta shigo, sai ka buga mata hatimin kwanan wata, ka shigar da ita littafin karɓa, ka huda ta a kusurwar hagu ta sama, ka ba ta lambar shafi da jan biro, sannan ta motsa. Fayil kuwa ba ya ƙetare ƙofa sai an rubuta a katinsa wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, ko da shugaban ma'aikata ne ya aiko masinja yana sauri. Kai ka nuna mana inda ɓarnar take farawa: a miƙa fayil hannu da hannu a baranda ba rubutu, a neme shi a rasa, a buɗe na wucin gadi, a manta a haɗe su. Ranar da ma'aikaci zai nemi fansho sai a tarar takardar kama aikinsa tana ɗaya, ta ƙarin girma tana ɗaya. Mutum nawa ka tserar daga wannan wahala, Allah kaɗai ya sani.

Ba mu manta da sauran ba. Fayil in ya yi kauri a rufe shi a buɗe kundi na biyu, tun igiya ba ta yaga shafukan farko ba. Kafin damina a ɗaga na ƙasa a kan katako, a janye kanta daga jikin bango saboda laima da gara. Daga tafireta da takardar kabon ka zo har zamanin kwamfuta, ba ka raina ko ɗaya ba.

Tsoho ko gwauruwa in sun zo bin haƙƙinsu, kujera kake fara ba su kafin ka tambayi lambar fayil. Ba a taɓa jin ka karɓi na goro ba.

Littafin karɓa da akwatin katuna yanzu suna hannun Hauwa, wadda ka horar shekara shida. Za mu riƙe su yadda ka bari. Naka fayil ɗin na fansho da giratuti mun duba shi shafi-shafi, babu abin da ya rage.

Ga azumi a bakin ƙofa, bana za ka yi shi a gida cikin jikoki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a abin da ka tara, ya sa ka gama da duniya lafiya. In mun saɓa maka, ka yafe mana.

'Ya'yanka na Sashen Rajista:
Hauwa, Sani, Bala, Ladi, Yakubu da Isa masinja