Ƙorafi kan injin ban-ruwa na sola: oda mai lamba 4471

Assalamu alaikum, Alhaji.

Da fatan kana lafiya, ya kasuwa? Sunana Umaru Garba, daga Argungu, Jihar Kebbi. Ranar 2 ga Disamba, 2024 na sayi injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a shagonka na intanet kan Naira 485,000, na ƙara Naira 18,000 kuɗin mota. Kayan sun iso tashar Birnin Kebbi ranar 9 ga wata. Injin da ke cikin kwalin ba shi ne ka tallata ba, kuma ina neman ka canza mini shi ko ka mayar mini da kuɗina.

Ga abin da tallarka ta ce, hoton shafin yana haɗe da wannan saƙo: ƙarfin injin 1500W, wutar da yake aiki da ita 110V, kwanturolarsa tana ɗaukar har 200V, bakinsa inci 3, yana ba da ruwa lita 45,000 a awa, yana kuma zuƙo ruwa daga zurfin mita 8. Sitikar Turanci da aka manna a bayan kwalin ita ma haka ta ce.

Amma a jikin injin akwai ɗan allon ƙarfe da kamfanin da ya ƙera shi ya kafe, rubutunsa duk da Sinanci. Na kai shi wurin wani injiniya a Birnin Kebbi wanda ya yi karatunsa a ƙasar Sin, ya fassara mini layi bayan layi, har da takardar da ke manne a murfin kwanturola. Abin da ke rubuce shi ne: ƙarfi 750W, wuta 72V, iyakar wutar da za a shigar wa kwanturola 150V, baki milimita 50, mafi yawan ruwa lita 350 a minti, zurfin zuƙo mita 5. Milimita 50 inci 2 ne, kuma na auna bakin da kaina na tabbatar. Lita 350 sau minti 60 lita 21,000 ne a awa, bai kai rabin abin da ka rubuta ba. Babu ko adadi guda a cikin shidan nan da ya yi daidai da tallar.

Kada a ce 1500W ɗin iyakar ƙarfin da injin ke kaiwa na ɗan lokaci ake nufi. Injiniyan ya duba allon da ƙaramin littafin da ke cikin kwalin, babu inda wannan adadi ya fito. Lambar samfurin da ke jikin ƙarfen ma ta bambanta da ta sitikar kwali.

Maganar wutar ce ta fi damuna, domin ita ce mai haɗari. Bisa tallarka na sayi farantan sola 5 masu 400W, kowanne an rubuta masa Voc 37V, wato wutar da yake fitarwa idan ba a jona masa komai ba. Idan aka jera su a layi ɗaya wutar haɗuwa take yi, 37 sau 5 ya ba da 185V. Wannan lissafi daidai yake ga kwanturola mai ɗaukar 200V, amma ya zarce iyakar wadda ka aiko da 35V. Ƙari a kan haka, farantin sola yana ƙara wuta idan ya yi sanyi, kuma yanzu muna tsakiyar hunturu, da safe ne wutar za ta fi hawa. Da mai haɗa mini ya bi sitikar kwali ya jona, da kwanturolar ta ƙone tun kafin injin ya ɗaga ruwa, sannan a ce laifinmu ne, garanti ya faɗi. Ko faranti 4 ba za a amince a sa mata ba, domin 148V ya yi kusa da iyaka ƙwarai, sanyin safiya kaɗai zai haurar da shi. Guda 3 ne lafiyarta, biyu kuwa su zauna a ɗaki.

Sai ruwan. Gonar shinkafa ce hekta 2 a fadama. Ruwa mai kaurin milimita 1 a kan hekta guda lita 10,000 ne, ni kuwa a kan milimita 10 a yini na yi lissafi, saboda abin da rana ke ƙafarwa da wanda ƙasa ke sha. Ke nan gonar tana son lita 200,000 kullum. Adadin da kamfanoni ke rubutawa na mafi yawan ruwa ana samunsa ne idan injin ba ya tura ruwan sama, saboda haka ina cire kashi ɗaya cikin huɗu domin tsawon mesa da tudu da ƙurar hunturu da ke rufe faranti. Injin da ka tallata, a awa 6 na rana mai ƙarfi, zai ba da lita 270,000, bayan cirewa ya rage kimanin 200,000. Wanda ka aiko 126,000 zai bayar, ya rage kimanin 95,000, ko hekta guda ba zai riƙe ba. Zurfin zuƙon ma matsala ne: ruwan rijiyar fadama sauka yake yi a watan Maris da Afrilu, daidai lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki tana fitar da kai, lokacin da ƙishirwar kwana kaɗan ke mayar da ita ƙaiƙayi. Injin da iyakarsa mita 5 zai fara shan iska a lokacin da aka fi bukatarsa.

Mesa mai inci 3 da na saya mita 50 da mahaɗanta ba za su shiga bakin inci 2 ba. Ko an sa abin ragewa, ruwan ba zai ƙaru ba.

Ba a jona injin da wuta ba, ba a sa shi a ruwa ba. Yana cikin kwalinsa da ledarsa da littafinsa da igiyoyin kwanturola yadda suka zo. Na haɗa maka hotuna 6: shafin talla, rasit ɗin banki, sitikar kwali, allon ƙarfe, murfin kwanturola, da bakin injin tare da ma'auni a kai. Fassarar injiniyan ma tana ciki, kana iya ba wanda ka amince da shi ya sake karantawa.

Ban ce da gangan ka yi ba, Alhaji. Mai yiwuwa ne wanda ya shigo maka da kayan shi ya manna sitikar, ko yaran shago suka yi musanyar kwali. Amma da kai na yi ciniki, kuma abin da ka siffanta na biya. Zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ka aiko injin 1500W mai bakin inci 3, ka fara turo mini hoton allon ƙarfensa da na kwanturolarsa in gani kafin a ɗora a mota, ko ka mayar da Naira 503,000 cikin asusun da na biya da shi. Kowanne ka zaɓa, kuɗin mayar da wannan injin a wuyanka yake. Faɗa mini tashar da za a sauke shi da sunan mai karɓa, zan ba direba washegari.

Irin shinkafata yana cikin fangali, mako 3 ne tsakanin yafa shi da dashe, don haka ba ni da sararin jira. Ina son amsarka a rubuce kafin ƙarshen ranar Laraba, 18 ga Disamba. Idan ranar ta wuce shiru, zan kai waɗannan takardu ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya, domin dokarta ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba.

Ina kuma roƙonka, don Allah, ka sauke wannan talla yau, ka sa a buɗe sauran kwalayen da ke ajiye a duba allon kowane inji. Idan akwai waɗanda ka riga ka sayar wa, ka kira su ka ce kada su jera faranti fiye da 150V kafin su duba nasu.

Na gode, a gaida mutanen shago.

Umaru Garba
Argungu, Jihar Kebbi
11 ga Disamba, 2024