Nazarin masu ruwa da tsaki a aikin rumbun ajiyar albasa na ƙungiyarmu, yankin Pitowa a arewacin Kamaru

Zuwa ga kwamitin gudanarwa, daga sakataren ƙungiya. Takardar cikin gida ce, kada ta fita daga hannun 'yan kwamiti, domin ba wanda zai ji daɗi ya ga an rubuta cewa ikonsa kaɗan ne.

Abin da ake son yi

Manomanmu 64 suna cire albasa daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ta cika kasuwar Pitowa da ta Garwa, farashi ya faɗi warwas. Muna son rumbu mai shan iska, mai ɗaukar buhu 1,200, don mu riƙe kaya har kasuwa ta tashi bayan damina. An auna kowa da tambaya biyu. Iko: zai iya tsayar da aikin ko ya hanzarta shi? Damuwa: rumbun zai taɓa aljihunsa, filinsa ko mutuncinsa? Ikon da muka auna shi ne wanda ke aiki a ƙasa, ko da mai shi ba shi da ofis ko hatimi.

| | Damuwa kaɗan | Damuwa sosai |
|---|---|---|
| Iko babba | Sufurefe, lamiɗo, limamin masallacin Juma'a | Manyan dillalai, jauro, magajin gari, asusun ba da rance |
| Iko kaɗan | Direbobin manyan motoci, masu sayar da buhu da taki | Mata masu tsinta da zaɓe, ƙananan manoma, makiyayan burtali, 'yan dako |

Iko babba, damuwa sosai: a yi aiki da su kafaɗa da kafaɗa

Nan ne aikin zai tsaya ko ya rushe, kuma na sa dillalai a gaba da gangan. Wasu 'yan kwamiti sun so a sa su a layin ƙasa na jadawalin, cikin masu iko kaɗan, tunda ba su da kujera a hukuma. Ban yarda ba. Dillali ne ke ba manomi kuɗin iri da na man injin ban-ruwa tun Oktoba, da sharaɗin a biya shi da albasa ranar cira. Shi ke da lambar 'yan kasuwar da ke lodi zuwa Yawunde da Duwala da masu zuwa daga Najeriya. A lissafinmu, mambobi 23 suna da irin wannan bashi a wuyansu. In dillalai suka ɗauki rumbun a matsayin yaƙi, ba sai sun yi magana ba: su janye bashin iri kawai, rumbu ya tashi fanko. Don haka shugaba da ma'aji za su zauna da manyansu uku kafin a haƙa harsashi, a shagonsu ba a ofishinmu ba. Abin da za a miƙa musu: su ci gaba da karɓar la'adarsu a kan kayan da ya fito daga rumbu, kuma a ba su hayar kashi ɗaya cikin biyar na wurin. Abin da ba za a taɓa ba su ba shi ne mabuɗi da littafin ajiya.

Jauro ne ya nuna filin. Filin yana cikin ƙasar da dokar filaye ta 1974 ta bar wa hukuma kulawa, kuma kwamitin shawara da ke duba irin wannan fili sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, shi ne shugabansa, sarkin ƙauye da dattawa biyu suna ciki. Kenan amincewar jauro ta baki tana da nauyi, amma ba ta isa ba. A sa shi cikin kwamitin gini, a kuma nemi a rubuta iyakar filin gaban shaidu.

Magajin gari ne ke sa hannu a takardar izinin gini, kuma idonsa na kan kuɗin shiga na kasuwa. A kai masa lissafi a rubuce da ke nuna cewa albasar da aka ajiye ta kasuwar za ta bi, ba ta bayan fage ba. Asusun rance kuwa abin da yake so a bayyane yake: takardar rajistarmu bisa dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 2010 ta OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, da rahoto duk wata, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Iko babba, damuwa kaɗan: a kiyaye zuciyarsu

Waɗannan ba su da buhu ko ɗaya a rumbun, amma kada su ji labari a bakin wani. Gaisuwa a fadar lamiɗo kafin aza harsashi, ta hannun jauro kamar yadda aka saba. Wasiƙa ga sufurefe da Faransanci, shafi ɗaya, duk wata uku. Kada a cika musu kunne. Liman na da muhimmanci ta fuska ɗaya: an fara raɗe-raɗin cewa riƙe albasa ɓoye abinci ne, wasu kuma na tambaya kan ruwan da ke bisa rancen. A je masa da takardar rancen a karanta masa, a saurari abin da zai ce tun kafin magana ta kai zauren hira.

Iko kaɗan, damuwa sosai: a sanar da su, a kuma ba su murya

Ka'idar da aka saba ita ce a riƙa sanar da mutanen wannan gida, shi ke nan. A wurinmu hakan ya yi kaɗan. Matan da ke zaɓe su ne ke gane albasar da za ta jure wata biyar: suna matsa wuyanta da yatsa, in bai bushe ba su ware ta gefe, domin ƙwaya ɗaya mai ruwa a wuya takan ɓata buhu. Ba su zo taronmu biyu da suka wuce ba saboda bayan magariba aka yi. Shawarata a ba su kujeru biyu a kwamitin rumbu, a yi nasu taron da hantsi a gidan shugabarsu, da Hausa da Fulatanci.

Ƙananan manoma na tsoron manya su cinye wurin. A ƙayyade buhu 15 ga kowane mamba a shekarar farko, a liƙa jerin a ƙofar rumbu, a kuma karanta shi a taro saboda waɗanda ba sa karatu.

Makiyaya fa? Burtalin da ke sauka Binuwai ya bi gabas da filin. Yau ikonsu kaɗan ne, amma ranar da katanga ta ci burtali ƙara za ta kai gaban sufurefe, shi kuma ya tashi daga mai damuwa kaɗan ya koma mai damuwa sosai, ba ta hanyar da muke so ba. A kira arɗo ya tsaya a wurin ranar awo, a kafa turaku da shi. 'Yan dako a yi musu kuɗin buhu tun yanzu ta bakin sarkinsu.

Iko kaɗan, damuwa kaɗan: a sa ido

Direbobi da masu buhu da taki, sanarwa ranar Lahadi a kasuwar Pitowa ta wadatar. Direbobi za su hau sama in lokacin lodi ya zo, musamman in damina ta ɓata hanyar shiga.

Rabon aiki

Shugaba da ma'aji: dillalai da asusun rance, cikin mako biyu. Mataimakin shugaba: jauro, fada da arɗo, kafin ranar awo. Sakatare: wasiƙun magajin gari da na sufurefe. Shugabar mata: taron hantsi da sunayen mutum biyu.

Za a sake duba jadawalin sau uku: bayan zama da dillalai, bayan fitar izinin gini, da makon farko na cirar albasa. In dillalai suka ƙi tayin, kwamiti zai zauna cikin kwana uku ya duba ko asusunmu zai iya ɗaukar bashin irin mambobi 23 ɗin kafin Oktoba, kuma ba za a sayi siminti ba sai an samu wannan amsa.