Oga Injiniya, ga abinda babur ɗin nan yake yi min

Assalamu alaikum Oga, barka da dare, ya aiki ya iyali. Ƙaninka ne mai jar Boksa, wanda ka canza wa wayar kuloci kafin azumi, mai akwatin kaya baƙi a baya. Na kira ka wajen biyar na yamma sau biyu ba ka ɗaga ba nasan hannunka da baƙin mai ne, shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka komai tunda kullum in na zo gareji ga hayaniya ga hon ga yara na buga ƙarfe sai in manta rabin abinda na zo faɗa, sai na kama hanya in tuna.

Oga babur ɗin nan ƙara biyu yake yi, kuma ba iri ɗaya bane, dan Allah kar a haɗe su. Ɗaya tana bin inji ɗaya tana bin taya. Na gane haka ne da kaina bayan kwana shida ina saurare, yau Talata, abin ya fara tun Larabar da ta wuce.

Ta farko ita ta fi tada min hankali. Da safe in na buga kik ya tashi sai in ji tak tak tak tak da sauri, siririyar ƙara kamar ta keken ɗinki in tela yana sauri, daga saman inji take fitowa wajen da fulogi yake, ba daga ƙasa ba. Na yi dabarar nan da na taɓa gani kana yi, na ɗora bakin sukundireba a kan inji na sa kunne a mariƙin, a sama ta fi ƙarfi sosai, da na sauko da shi ƙasa wajen da ake zuba baƙin mai sai ta yi nisa. Babur yana tsaye a firi ma tana yi, ba sai ina tafiya ba. In na murɗa totur tana ƙaruwa daidai da inji, in na saki ta ragu, amma a daidai lokacin da na saki totur ɗin sai wata 'yar karkarwa ta biyo baya, carrr, kamar an ja siririyar sarƙa a kan faranti, daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ta ɓace. Na matse kuloci na saki na matse na saki ina saurare, babu abinda ya canza, ko kaɗan. In inji ya yi zafi, kamar daga gidanmu a Kurna zuwa Kantin Kwari, tak tak ɗin tana raguwa sosai amma bata mutuwa gaba ɗaya, in na tsaya a danja ina jinta a ƙasa ƙasa. Kuma ba irin bugun nan mai nauyi bane, gwam gwam, irin na babur ɗin abokin aikina da kwanrod ɗinsa ya tafi, wannan na san shi na ji shi da kunnena, nawa bai kai can ba Alhamdulillah. Wani a majalisa yace tafet ne, wani yace timin cen ce ta saki, wani ma cewa yayi kawai in shirya kuɗin garambawul. Ni dai ban sani ba, kowa a majalisarmu bakanike ne in ba babur ɗinsa bane.

To a nan sai in faɗi laifina tun kafin ka gano da kanka ka yi min faɗa. Juyen baƙin mai ya wuce lokaci. Ka ce min duk sati biyu saboda yawan zirga zirgata, ni kuma sai da na kai sati biyar, aiki ya yi yawa ana ta odar atamfa da leshi na bikin bayan sallah kullum ina cewa gobe. Ranar da na je aka juye, wanda ya fito baƙi ƙirin kuma ya tsinke kamar ruwa, kuma bai cika robar lita ɗaya ba, inaga da ƙyar ya wuce rabi. An zuba sabo 20W-50 lita ɗaya, yau kwana tara kenan. Ɗazu da yamma na kafa shi a jak ɗin tsakiya a waje mai daidai na bari ya huce na zaro ma'aunin na goge na mayar, har ya sauka ƙasa da rabi. A kwana tara fa Oga. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa daren jiya ko yoyo yake, da safe kwalin fes babu ko ɗigo, jikin injin ma a bushe yake sai ɗan danshi kaɗan a gefen murfin sama wanda ƙura ta manne a kai. Amma akwai hayaƙi. Tashin farko da safe salansa na fitar da hayaƙi mai ɗan shuɗi shuɗi yana warin ƙonannen baƙin mai, kamar minti ɗaya sai ya washe, a kan hanya ni bana ganinsa, sai dai wani mai adaidaita ya taɓa ce min a Gwammaja malam mashin ɗinka na hayaƙi in ka taka. Na kwance fulogi na duba, bakinsa baƙi ne kuma da ɗan maiƙo, na goge na mayar, ban canza ba don ka ganshi yadda yake. Da bugu ɗaya yake tashi, yanzu sai huɗu ko biyar da cok a ja, kik ɗin har yanzu yana da ƙarfi a ƙafa amma naji kamar ya ɗan yi laushi akan da, ko kuma zargi ne ya sa nake jin haka.

Ƙara ta biyu daga baya take, ita kuma babu ruwanta da inji. In babur na tsaye ko na murɗa totur har ƙarshe bata yi. Sai na sa giya ɗaya na fara sakin kuloci sai in ji gwaf sau ɗaya daga ƙafar baya, haka in ina tafiya na saki totur na sake murɗawa, gwaf, har a mazaunina nake jinta kamar an ɗan ture ni. Sannan in tafiya ta miƙa akwai wata ƙarat... ƙarat... ƙarat da take zuwa tana komawa, ina ƙara gudu tana ƙara sauri. Don in tabbatar, ranar Lahadi da titi babu cunkoso ina gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa na mayar da shi firi na bar inji a silo, ƙarar bata ragu ba tana nan tana bin gudun taya. Da na dawo gida na ɗaga shi a jak na juya tayar da hannu a hankali ina taɓa cen da yatsa, a wani wajen ta yi sako sako har tana taɓa murfinta, in na juya kaɗan kuma sai ta ɗaure tamau kamar tsirkiya. Haƙoran siroket ɗin baya sun yi tsini sun ɗan karkata gefe ɗaya. Sannan na riƙe siroket ɗin na girgiza shi gaba da baya, yana motsi kaɗan alhali tayar na tsaye, ban sani ba ko robobin cikin hob ɗin ne suka cinye. Na kama tayar da hannu biyu na jijjiga ta hagu da dama ko boris ne, babu wasa, kuma bayan doguwar tafiya na taɓa hob ɗin ɗumi ne kawai ba zafi ba. Birkin baya yana kamawa lafiya, baya kuka.

Nan ma akwai labari. Sati biyu da suka wuce cen ɗin ta zame min a hanyar Dawanau ina ɗauke da buhun wake rabi da jarkar man gyaɗa biyu, nasan kayan sun fi ƙarfinsa amma mai kayan kwastoma ce ta kullum ban iya ce mata a'a ba. Wani yaro a bakin titi ya mayar min ya ja ta, kuma inaga ya ɗaure ta da yawa, don tun daga ranar nake jin babur ɗin kamar ana riƙe shi ta baya. Ban yi maka maganar ba saboda kunya, kar kace na kai wa wani.

Sai abu na ƙarshe wanda ba ƙara bane. In ina hawan gada da kaya, musamman doguwar gadar nan ta Sabon Gari, a giya uku ko huɗu in na murɗa sai inji ya yi ihu amma gudun baya ƙaruwa, sai can ya kama. A miƙaƙƙen titi ba kaya baya yi. Hannun kulocin babu wasa a cikinsa ko kaɗan, ina taɓawa yake fara aiki, kuma da ka saita min akwai ɗan wasa. Fitila da hon da sigina duk lafiya, kan babur baya rawa, baya ja gefe, giya na shiga ba gardama. Mai kuma a gidan mai nake sha, sau ɗaya ne na sayi na bumburutu lita ɗaya kuma bayan ƙarar ta fara ne, don haka bana jin shi ne.

Yanzu ga matsalar, in na taso daga Kurna kafin in iso wajenka inji ya yi zafi ƙarar farko ta lafa, sai ka ce min ai lafiyarsa ƙalau kamar yadda aka yi wancan karon. Shi yasa nake so in kawo maka shi gobe Laraba bayan la'asar in na sauke kayan ƙarshe a Hotoro, ya kwana a wajenka, jibi da safe kai da kanka ka buga kik ɗin farko ka ji, ka kuma tsaya ta baya ka ga hayaƙin. Na ɗauki ƙarar a waya yau da asuba zan turo maka yanzu, guda biyu ne, na farko inji a sanyi, na biyu ina juya taya da hannu, ka yi haƙuri da zakaran maƙwabta da ya shiga ciki.

Dan Allah Oga a fara da duba tafet da timin cen ɗin kafin a sauke inji, in kuma ka ga dole sai an buɗe to ka kira ni tukun ka faɗa min kuɗin kaya da na aiki. Dubu 30 ce a hannuna yanzu, ragowar sai Asabar in an biya mu. Cen da siroket in canzawa za'a yi a canza su gaba ɗaya gaba da baya, kuma a sa masu kyau, in ka rubuto min ni zan je in sayo ko in ba yaronka kuɗin ya sayo, duk wanda ya fi maka. Kuma ka faɗa min tsakani da Allah ko zan iya yin aikin gobe a haka in na ƙara baƙin mai na rage kaya, ko in ajiye shi tun yau in ari na ƙanina, don Juma'a da safe ina da kayan amarya da zan kai Naibawa kuma na riga na karɓi kuɗin mutane.

Ina jiran amsarka ko da murya ce, wayata a kunne take har sha ɗaya. A gaida su Hajiya da yara.