Tambaya a kan daidaiton ƙarfi: sandar ƙarfe, hinji da igiya

Tambaya

Sandar ƙarfe AB tana kwance a miƙe, tsawonta mita 5, nauyinta 800 N, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe. An kafe bakin A a bango da hinji. Igiyar ƙarfe ce ke riƙe da bakin B, ta tashi sama ta koma bangon a C, kusurwar da ke tsakaninta da sandar digiri 30. An rataya kaya mai nauyin 3000 N a D, mita 4 daga A. Ka zana sandar ita kaɗai tare da duk ƙarfin da ke aiki a kanta, sannan ka nemo jan da ke cikin igiyar da ƙarfin da hinjin yake ɗauka.

Zane tukuna

Kada ka kwafi hoton tambayar. Ja layi ɗaya a kwance, shi ne sandar, A a hagu, B a dama. Bango, igiya da kaya duk ka cire su, amma duk abin da ka cire sai ka bar kibiya a gurbinsa, wadda ke nuna abin da yake yi wa sandar.

Fara da hinji, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. Hinji yana hana bakin A matsawa gefe, yana hana shi hawa ko sauka, amma ba ya hana sandar juyawa. Saboda haka kibiya biyu yake samu: Ax a kwance, Ay a tsaye. Ba shi da ƙarfin juyi ko kaɗan. Ɗalibai da yawa sukan zana Ay kaɗai, wai ai kayan ƙasa suke ja. Sun manta igiyar a karkace take, tana fizgo sandar wajen bango, kuma dole wani abu ya tokare ta.

Igiya ja kawai take yi, ba ta turi. Kibiyar jan igiyar, T, za ta fita daga B ta bi layin igiyar zuwa C. Nauyin sandar, 800 N, yana tsakiyarta, mita 2.5 daga A, yana kallon ƙasa. Kayan, 3000 N, yana D. Rubuta duk nisan a kan zanen, ka nuna x wajen dama da y sama. Kibiya biyar ke nan, uku ba a san girmansu ba: T, Ax, Ay. Lissafin daidaito ma uku ne a shimfiɗe ɗaya, don haka tambayar za ta warwaru.

Idan ba ka da tabbacin inda Ax ko Ay ta dosa, zaɓi ɓangare ɗaya kawai. In amsa ta fito da alamar ragi, kibiyar ce ta juya baya. Bar zanen yadda yake, kada ka goge.

Lissafi

A fara da juyi a kan A, saboda Ax da Ay duk ta nan suka ratsa, ba za su shigo ba. Juyin da ya saɓa wa tafiyar hannun agogo shi ne mai alamar ƙari.

```
ΣM_A = 0:  (T sin30°)(5) − 800(2.5) − 3000(4) = 0
           T = 5600 N
ΣF_x = 0:  Ax − T cos30° = 0
           Ax ≈ 4850 N
ΣF_y = 0:  Ay + T sin30° − 800 − 3000 = 0
           Ay = 1000 N
```

Dukansu sun fito da alamar ƙari: Ax tana tura sandar dama, nesa da bango, Ay tana ɗaga ta sama. In an haɗa su, hinjin yana ɗaukar kimanin 4950 N, a kusurwar da ta ɗan haura digiri 11 da rabi sama da layin sandar. Dubi yadda Ax, wadda ake yawan mantawa da ita, ta kusa ninka Ay sau biyar.

Don tantancewa, ɗauki juyi a kan B, inda T ba ta da tasiri:

```
ΣM_B = −1000(5) + 800(2.5) + 3000(1) = 0
```

Ya tashi sifili, amsar ta zauna.

Inda ake zamewa

Wanda ya rubuta T sau 5 kai tsaye, bai raba T gida biyu a zanensa ba, zai sami 2800 N, rabin jan gaskiya. A takarda maki ne zai rasa. A wurin aiki kuwa igiyar da aka zaɓa da wannan adadi za ta ɗauki ninkin abin da aka lissafa mata. Ɓangaren T da ke tsaye ne kaɗai yake juya sandar a kan A, na kwancen ta cikin A yake wucewa. Wanda kuma ya bar nauyin sandar zai sami 4800 N. Da a kilogiram aka ba da nauyin, sai an ninka shi da 9.81 kafin ya hau kibiya.

Ƙarin aiki

An sauko da C har kusurwar igiya ta koma digiri 15. Sake zanen daga farko, ka nemo T, Ax da Ay. Ya kamata T ta kai kimanin 10,820 N. Bayyana da zanenka dalilin da ya sa Ay ba ta canza ba.