Takardar Neman Bayanin Asusu na Wata Shida Mai Hatimin Banki

Talata, 2 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,
Ta hannun Sashen Kula da Masu Ajiya.

Ranka ya daɗe,

NEMAN BAYANIN ASUSU NA WATA SHIDA DOMIN NEMAN BIZA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Usman Garba Aliyu, mai asusun ajiya a wannan reshe tun shekarar 2017, wanda lambarsa ta ƙare da 4417. Cikakkiyar lambar tana jikin fom ɗin da na haɗo da wannan takarda. Ina roƙon a buga mini bayanin shige da ficen kuɗi na asusun, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta, 2025, wata shida cif, a kan takarda mai ɗauke da sunan banki.

Sana'ata sayar da kayan asibiti, kuma ina shirin halartar baje kolin Medica da ake yi a birnin Düsseldorf na ƙasar Jamus a watan Nuwamba. Tafiyar tana buƙatar bizar Schengen ta ɗan gajeren zama, kuma bayanin asusu yana cikin takardun da za a duba don a tabbatar zan iya ɗaukar nauyin kaina, daga kuɗin jirgi har masauki. An ba ni ranar Laraba, 10 ga Satumba, in miƙa takarduna.

Babban abin da nake roƙo shi ne hatimi. Zan iya sauke bayanin daga manhajar banki a wayata, amma wannan kwafin ba sa hannun kowa a jikinsa, kuma ba na so in tsaya gaban jami'in biza da takardar da zai yi wa kallon shakka. Don haka a taimaka a buga hatimin reshe a kowane shafi, har da na tsakiya, jami'in da ke da hurumi ya sa hannu tare da kwanan wata. A kuma sa wa shafukan lamba bi da bi, yadda duk wanda ya ɗauka zai ga ba a zare ko ɗaya ba. Kuɗin da ke ciki a ranar farko da wanda ya rage a ranar ƙarshe su fito ƙarara.

Sai batun suna. A saƙonnin da banki ke turo mini ana rubuta Usman G. Aliyu, alhali a fasfona sunan a cike yake, Usman Garba Aliyu. Ina so sunan da zai hau bayanin ya dace da na fasfo, harafi da harafi. Na haɗo kwafin shafin fasfon domin a gwada. Idan gyaran sai an cike wani fom, a sanar da ni in zo in cike gobe.

A cikin watan Yuni akwai kuɗi masu ɗan yawa da suka shigo a lokaci guda. Kuɗin wata mota ce da na sayar, kuma takardar cinikin tana hannuna. Masu duba takardun biza sukan tsaya a kan irin wannan shigar kuɗi, su nemi sanin asalinta. Saboda haka kada a datse bayanin da ke gefen kowace shiga: sunan wanda ya turo da abin da ya rubuta su fito gaba ɗaya, ko da hakan zai ƙara yawan shafuka.

Kwafi biyu nake buƙata, duka masu hatimi. Na amince a cire kuɗin aikin daga asusun, gwargwadon farashin da banki ya tsayar.

Zan so in karɓa ranar Litinin, 8 ga Satumba, ko kafin nan. Bisa ƙa'idar Schengen ana yanke hukunci a kan biza cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa kwana 45 idan aka ga buƙatar ƙarin bincike. In ranar 10 ga wata ta kuɓuce mini, samun wata ba a hannuna yake ba, ga shi na riga na yi rajistar baje kolin. Ni da kaina zan zo karɓa, da fasfona na asali. Idan takardun sun kammala, a kira ni ta lambar wayar da ke rajiste da asusun.

Na gode ƙwarai da kulawarku. Allah ya ƙara girma.

Naku mai biyayya,
Usman Garba Aliyu

Abubuwan da na haɗo: fom ɗin neman bayanin asusu, kwafin shafin fasfo, da kwafin takardar da ke nuna ranar miƙa takardun biza.