Kwanon Iya

Kajin Iya sun fasa kaskon ruwansu, shi ya sa Hafsatu ta shiga ɗakin kakarta neman madadi. A ƙarƙashin gadon ƙarfe ta jawo wani farin kwano mai jajayen furanni, bakinsa ya ɓantare wuri guda, tsatsa ta ci gurbin.

"Iya, wannan ya mutu, na ba kaji?"

"Ke kishiya, aje mini kayana! Mijin bai ishe ki ba, sai kin haɗa da kwanona?"

Hafsatu ta tuntsire da dariya, ta zauna bakin tabarma. Iya ta karɓi kwanon, ta share ƙurar da gefen zanenta.

"Lokacin auren innata, ƙwarya da akushi aka jera mata. Da kwanuka suka cika Kano, ta rantse 'yarta ba za ta tare da ƙwarya ba. Tun ina rarrafe take tari. Ta yi kaɗi, ta soya ƙuliƙuli, in ta kwashi adashi sai ta ba ƙanenta ya sayo ɗaya a kasuwar Kurmi. Wannan ne na fari."

"Nawa ta tara?"

"Talatin da biyu, har da fanteka da langa. Ranar jere mata sai leƙowa suke suna ƙirgawa da ido."

"To ina sauran?"

Iya ta ɗan yi shiru. "An kai ni da shekara ɗaya fari ya zo, shekarar da aka daina fam da sule, naira ta fito."

"1973," in ji Hafsatu, don an koya musu a makaranta.

"Ku kuka san lamba. Mu dai mun san gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ko iri ba ta mayar ba. Ga ni da goyon babanki. Duk mako dillaliya ta fita da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta dawo da awon dawa. Wannan sau uku tana fita da shi, sau uku yana dawowa. Goggona ce ta yi tuntuɓe da shi ranar kai kaya. Kwana na yi ina kuka a kan ɓantarewar nan, ashe ita za ta bar mini shi."

Hafsatu ta kifa kwanon. Akwai rubutu a gindinsa, ya kusa gogewa. Ta yi ta haɗa baƙaƙen har babanta ya shigo da buta a hannu.

"Cekoslobakiya," ya karanta. "Ai ƙasar ma babu ita yanzu, Iya. Ta rabu biyu tun 1993."

"Allah sarki. Ni duk zatona a Kurmi ake ƙera su." Ta miƙa wa Hafsatu. "Wanke shi da toka, ki dama mini fura a ciki. Kaji kuwa ki ba su robar uwarki."