’Yan Taru: da waƙa da jaji Nana Asma’u ta kai karatu ƙauye

Taron ƙara wa juna sani na Sashen Tarihi, Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Allo na 7, aikin ɗalibar digiri na biyu.

Abin da binciken ya gano

Nana Asma’u ’yar Shehu (1793–1864) ta ilimantar da matan karkara ba tare da ta raba matar aure da ɗakinta ba, domin ta mayar da darasi waƙa mai sauƙin hadda, sannan ta naɗa dattijan mata da ake kira jaji, waɗanda suke zuwa su ɗauka a wurinta, su koma garuruwansu su karantar. Matan da suke karatu a wannan tsarin su ake kira ’Yan Taru.

Tambayar da aka sa gaba

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 da kafa Sakkwato a 1809, daular Usmaniyya ta tattaro mata masu yawa waɗanda ba su karanta Larabci, wasunsu kuma sun tashi cikin bori. Ta yaya karatu ya isa gare su alhali suna nesa da zaurukan malamai? Don amsa wannan, an nazarci waƙoƙin Asma’u na Hausa da ke rubuce da ajami, aka gwada su da abin da Jean Boyd, marubuciyar tarihin Asma’u, ta tattara tare da taimakon Waziri Junaidu.

Yadda tsarin yake

Asma’u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma da Hausa ta fi yi wa talakawa magana, har ta fassara wasu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci, kamar Tabbat Haƙiƙa. Waƙa ba ta bukatar takarda ko fitila, kuma mace tana iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi, ’ya’yanta suna saurare.

Jaji dattijuwa ce mai riƙon amana wadda ake naɗawa da malfa da jan rawani. Malfa alama ce da aka san Innar Gobir da ita, saboda haka matan da suka saba girmama shugabar bori sai suka ga wannan alamar a kan malama. A ganin mai binciken, nan ne hikimar tsarin ta fi bayyana. Tsofaffi da ’yan mata ne suke bin jaji, su zo da sadaka, su koma da ilimin tsarki da salla da kyawawan halaye. Bayan rasuwar Asma’u, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Amfaninsa a yau

Masu tsara yaƙi da jahilci a Jihar Sakkwato suna da abin koyi na gida: a horar da macen da garinta ya riga ya amince da ita, a ba ta darasi da harshen da ake ji, a kuma karrama ta a bainar jama’a.

Mai binciken za ta kasance a gaban wannan allo daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, tare da kwafin waƙoƙin ga mai son dubawa.